Yadda ake nazarin tsarin sonata: misali daga Mozart

Ɗalibin da aka ba shi aikin rubuta nazarin tsarin sonata yakan fara da farautar karin da ya fi daɗi a kunne, ya sa masa suna jigo na ɗaya, ya nemo wani ya kira shi na biyu. Malamin darasin ka'idojin kiɗa kuwa abin da yake son gani daban ne: a wane gidan sauti kiɗan yake, yaushe ya bar shi, kuma ta wace hanya ya komo. Gidan sauti shi ne jerin sautukan da ke kewaye da sauti guda, wanda kunne ke jin can ne wurin hutawa.

Mu ɗauki kashi na farko na sonatar fiyano mai lamba K. 545, wadda Mozart ya rubuta a Vienna a 1788 domin masu koyo. Gaɓoɓinta 73 ne kacal, gidanta kuma C manja. Kafin a rubuta komai sai a ɗauki fensir a sa wa kowace gaɓa lamba a takardar kiɗan, domin duk maganar da ba a jingina ta da lambar gaɓa ba, ra'ayi ne kawai.

Tsarin sonata sassa uku ne: gabatarwa, jujjuyawa da komowa. A nan gabatarwa ta kama daga gaɓa ta 1 zuwa ta 28, inda alamar maimaitawa take. Gaɓoɓi huɗu na farko su ne jigo na ɗaya. Daga ta 5 hannun dama ya shiga hawa da sauka a guje, wannan ce gada, har ta tsaya a kan sautin G a gaɓa ta 12. Nan ake yawan zamewa. Ɗalibi zai rubuta cewa an riga an koma gidan G, alhali kunne yana jin wannan G ɗin a matsayin rabin tsayawa a cikin gidan C, har yanzu ana jiran abin da zai biyo. Sai da hannun hagu ya shimfiɗa rakiya a gaɓa ta 13, jigo na biyu ya shigo a ta 14, sannan aka zauna a G manja. Shaidar da za a nuna ita ce alamar F# da ke ta bayyana, da cikakkiyar tsayawar da ta zo a gaɓa ta 26.

Jujjuyawar gajera ce, daga 29 zuwa 41. Mozart ya ɗauki ɗan guntun da ya rufe gabatarwa da shi, ya maida shi G maina, ya ratsa da shi D maina. Jimla biyu ko uku sun isa a kanta.

Gaɓa ta 42 ita ce ta cancanci rabin tawadar ɗalibi. Littattafan koyarwa suna cewa jigo na ɗaya yana komowa ne a gidansa na asali. A nan jigon ya komo cif yadda yake, amma a F manja. Wanda yake bin kari kawai zai wuce bai lura ba. Wanda ya haddace ka'ida kuma zai ce ai ba a komo ba tukuna. Ni a ganina komowa ta fara a 42, domin abubuwan gabatarwa sun sake jeruwa ɗaya bayan ɗaya daga nan har ƙarshe. Abin da ya jinkirta shi ne gidan C. Hujjar tana cikin gada: a gabatarwa gaɓoɓi takwas ce, a nan ta zama goma sha biyu, daga 46 zuwa 57. Da Mozart ya kwafe ta yadda take, da ta kai shi C salin alin. Sai ya ƙara gaɓoɓi huɗu, ya miƙa gudun ga hannun hagu, ya sake tsayawa a kan G ɗin nan na gaɓa ta 12. Wannan karon abin da ya biyo baya jigo na biyu ne a C manja, daga gaɓa ta 59. Tsayawa guda ta buɗe ƙofa zuwa gidaje biyu daban, kuma mai nazari da ya ga haka ya ga ƙashin bayan kiɗan.

Wajen rubutu, a fara da ƙaramin jadawali mai nuna sashe, lambobin gaɓa da gidan sauti. Bayanin da ke ƙasansa kada ya sake karanto jadawalin gaɓa bayan gaɓa. Sakin layi na farko ya faɗi matsayin mai rubutu kai tsaye, misali cewa jigo ya riga gida komowa, sauran kuma su kawo hujja. Wanda ya zaɓi cewa komowar gaskiya sai a jigo na biyu, zai iya kare kansa, muddin ya bayyana abin da gaɓoɓi 42 zuwa 57 suke yi.