Tauraron da ya tsuke, juyinsa ya ƙaru

A shekarar 1054 masu duban taurari na ƙasar Sin suka rubuta cewa wani sabon tauraro ya bayyana, har da rana tsaka ana ganinsa. Ashe fashewa ya yi. Abin da ya rage a wurin dunƙule ne da faɗinsa bai wuce kilomita 20 da ɗoriya ba, yana juyawa kusan sau 30 a sakan ɗaya. Ina ya samo wannan gudu?

Babu wanda ya tura shi. Ka hau kujera mai juyawa da hannuwa a miƙe, a juya ka, sannan ka naɗe su a ƙirji: nan take gudunka zai ƙaru. Duk abin da ke juyawa yana da wani adadin juyi da ba ya canzawa muddin babu abin da ya taɓa shi daga waje. Adadin nan ya haɗa nauyi, da saurin juyi, da nisan cibiya zuwa gefe, amma shi nisan sau biyu yake shiga lissafi. In tauraro ya tsuke zuwa rabi, lokacin juyinsa kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Ga yadda ake rubutawa, T lokacin juyi ɗaya, R kuma nisan cibiya zuwa gefe:

T₂ = T₁ × (R₂/R₁)²

Mu gwada da rana, ko da yake nauyinta bai kai ta yi irin wannan rushewa ba. Daga cibiyarta zuwa gefe kimanin kilomita 700,000 ne, tana kammala juyi a kwana 25, wato sakan 2,160,000. A ce ta tsuke zuwa kilomita 10. Ta ragu ninki 70,000 ke nan. Buga 70,000 sau 70,000, ka sami biliyan 4.9. Raba sakan 2,160,000 da wannan, sai ya ba ka sakan 0.00044, juyi sama da 2,000 a sakan guda. Wanda ya manta bugun na biyu, sakan 31 zai samu, kuma nan ne ɗalibai suka fi zamewa.

Sai dai kada a rungumi amsar ido rufe. Mafi gudun irin waɗannan taurari da aka gano sau 716 yake juyawa a sakan. A lissafinmu kuwa, gefen tauraron zai riƙa gudun da ya kusa rabin na haske, gudun da zai tarwatsa shi. Matsalar daga zatonmu take: mun ɗauka duk jikin ne ya tsuke da nauyinsa cif. A zahiri ƙwayar ciki kaɗai ke rushewa, mai 'yan dubban kilomita, sauran jikin kuwa fashewar ta watsar da shi sararin sama, ya tafi da kaso mai yawa na juyin.