Gyambon baki da ya haura mako biyu: abin da ya bambanta shi da ƙurjin da aka saba gani

A Daura da ƙauyukanta, idan ƙurji ya fito wa mutum a baki, akan ce zafi ne, a wuce kemis ko a kuskure baki da ruwan gishiri. Mafi yawan lokuta hakan ya isa, domin ƙurjin da aka saba gani yana warkewa da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Wanda ya zarce wannan wa'adi kuwa ya bar sahun ƙurajen yau da kullum, ko da ba ya ciwo.

Ƙurjin da aka saba gani ƙarami ne, faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba. Zagayayye ne, tsakiyarsa fari ko ruwan ɗorawa, gefensa ja. Yana fitowa a wurare masu laushi, kamar cikin leɓe da cikin kunci da ƙarƙashin harshe, kuma yana da raɗaɗi ƙwarai, musamman idan yaji ko tsami ya taɓa shi. Yakan fara tun ƙuruciya, ya warke, ya sake fitowa a wani gurbin. Idan ya yawaita dawowa, likita kan duba ƙarancin jini ko na wasu sinadaran abinci. Akwai wani babban nau'insa da kan kai mako shida, amma likita ne zai tabbatar da cewa shi ne.

Gyambon da ake tsoro ɗabi'arsa daban ce. Guda ɗaya ne, yana zaune a wuri ɗaya, yana ƙara faɗi. Gefensa kan tashi ya yi kauri, idan aka taɓa da tsaftataccen yatsa sai a ji tauri a ƙarƙashinsa, kuma yakan yi jini ba da wani dalili ba. Sankarar baki ta fi kama gefen harshe da ƙasan baki, kuma a farkonta sau da yawa ba ta ciwo. Wannan rashin ciwon ne ke yaudarar mutane, su yi ta jira har sai magana ko haɗiya ta gagara. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 40, da mai shan sigari ko cusa taba gari a baki, da mai shan barasa, amma matashin da bai taɓa ko ɗaya ba shi ma tana iya kama shi.

Ba kowane daɗaɗɗen gyambo ne sankara ba. A ɗauki misalin magidanci a Mai'adua da ya yi mako uku da miki a gefen harshe, daidai inda karyayyen haƙori ke gogarsa. Likitan haƙori zai goge kaifin ko ya cire haƙorin, ya ce masa ya dawo bayan mako biyu. Idan haƙorin ne sila, mikin zai rufe. Idan ya dawo da shi yadda yake, sai a yi wa wurin allurar kashe zafi, a yanki ɗan ƙaramin nama a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin ne ke tabbatar da sankara ko ya kore ta, kuma bai sa ta bazu, duk da raɗe-raɗin da ake yi cewa kada ƙarfe ya taɓa ta. Tarin fuka, tunjere, cuta mai karya garkuwar jiki da wasu magunguna su ma suna haddasa gyambo mai jinkirin warkewa.

A Birtaniya, ƙa'idar ita ce a tura mai gyambon da ya wuce mako uku ba a san dalilinsa ba wurin ƙwararre cikin gaggawa. Ga mutumin Baure ko Zango ko Sandamu, wanda zai fara da asibitin kusa kafin a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Aminu Kano, tashi a mako na biyu ya fi dacewa, domin takardar turawa da neman kuɗin mota suna cin kwanaki. Wanda gyambonsa ya zo da kaluluwa mai tauri a wuya, ko mutuwar leɓe, ko haƙorin da ke girgiɗi haka kawai, ko rama, kada ya jira cikar wa'adin. Sake sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ɓata lokaci ne, shafa shuɗin maganin nan na kemis kuma yana ɓoye wa likita kamannin mikin.

Ga ƙananan yara lissafin ya sha bamban. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, idan dasashinsa ya yi miki, bakinsa na wari, kuncinsa ya kumbura, ana fargabar cutar noma ce, wadda ke cinye naman fuska cikin kwanaki. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Irin wannan yaro a ranar ake kai shi asibiti, domin a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftace baki da abinci mai gina jiki suna iya dakatar da ita.