Layuka Biyar da Za Su Raka Takardar Neman Aikinka

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa bara. Wata rana da yamma ya zo ya miƙo mini waya, ya ce: "Kawu, wuri takwas na tura, ko amsa ɗaya ban samu ba." Na buɗe saƙon ƙarshe da ya aika wa wani kamfani. Gurbin Subject wayam, ba ko harafi. Cikin saƙon kalma biyu ce kawai. Takardar bayanan karatu da aikin da ya maƙala, wadda kowa ke kira CV, hoto ce da ya ɗauka a kan tabarma, har inuwar hannunsa ta fito. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron ya iya aikinsa.

Matsalar ta fara ne tun daga wancan gurbi da ya bari. Jami'in ɗaukar ma'aikata ba ya buɗe saƙonni ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta wasiƙar gida. Sau da yawa yana neman mutane a gurabe daban-daban a lokaci guda, don haka sai ya rubuta sunan gurbin a akwatin bincike, duk saƙon da ke ɗauke da sunan ya fito, sauran su nutse. Shi ya sa za ka ga sanarwar aiki ta ce a sa sunan gurbin a matsayin kan saƙo. In ta faɗi haka, kwafe shi harafi da harafi, har da lambar gurbin in akwai. In ba ta faɗa ba, sai ka rubuta sunan aikin, ka bi shi da cikakken sunanka. Gurbin da ɗan yayata ke nema na jami'in lissafin kuɗi ne, sai muka rubuta `Application for Accounts Officer`, sannan sunansa. Aikin ya zo a gaba, saboda allon waya yana yanke kan saƙo in ya yi tsawo, farkonsa kaɗai ake gani.

Sai cikin saƙon. Mu Hausawa mun saba da doguwar gaisuwa, kuma ina alfahari da hakan, amma nan ba zauren gida ba ne. Gaisuwa layi ɗaya ta wadatar, da sunan jami'in in sanarwar ta ambace shi. Ladabi a nan shi ne kada ka ci masa lokaci. Ga ma'anar abin da muka rubuta, ko da yake da Turanci muka tura tunda da Turanci aka yi sanarwar (a Nijar sau da yawa Faransanci za a bi):

"Barka da aiki. Ina neman gurbin jami'in lissafin kuɗi da kuka sanar a shafinku. Na karanta akanta, kuma a shekarar bautar ƙasa ni na riƙe littafin kuɗin shiga da fita na makarantar da aka tura ni. Ga CV ɗina a maƙale. Zan yi farin cikin zuwa ganawa duk lokacin da kuka ga ya dace. Na gode."

A ƙasa ya sa cikakken sunansa da lambar waya. Jimla ta uku ita ta fi ba mu wuya. Da farko ya so ya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne da riƙon amana. Na ce masa kowa haka yake cewa, ya kawo abu ɗaya da hannunsa ya taɓa yi wanda ya shafi aikin. Labarin halin da gida ke ciki da roƙon a taimaka saboda Allah kuwa, duk da gaskiya ne, ba ya gaya wa jami'in ko ka iya aikin.

Takardar kanta a mayar da ita PDF, sai dai in sanarwar ta nemi Word, domin PDF ba ya wargajewa in an buɗe shi a wata na'ura. A sa mata sunan mai ita, kada a bar ta `Document1`, tunda jami'in zai sauke ta ne cikin tarin wasu. Gmail yana karɓar maƙalawa har megabait 25, amma CV mai shafi ɗaya ko biyu bai kamata ya kusanci megabait 1 ba. In ka ga ya kumbura, hotuna ne a ciki. Kuma ka maƙala takardar kai tsaye, kada ka tura mahaɗin Google Drive, don sau da yawa yakan nemi izini kafin ya buɗu, jami'in kuwa ba zai tsaya roƙonka ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce "ga ta a maƙale" alhali ba a maƙala komai ba. Maganinsa tsari ne: fara maƙala takardar, rubuta saƙon, adireshin jami'in ya zo a ƙarshe. Kafin ka aika masa, tura wa kanka tukuna, ka buɗe a waya, ka danna takardar ka ga ta buɗu da idonka.