Daren da Rana Ta Kashe wa Mutum Miliyan Shida Wuta

Da ƙarfe 2:44 na daren Litinin, 13 ga Maris 1989, wutar lantarki ta ɗauke a lardin Kwibek na ƙasar Kanada. Cikin kusan minti ɗaya da rabi layukan lardin suka zube ɗaya bayan ɗaya, mutum kusan miliyan 6 suka wayi gari cikin sanyi ba wuta, aka shafe wajen awa tara kafin a maido wa yawancinsu. A wannan dare kuma mazauna Fulorida da Kyuba, waɗanda ba su saba ganin komai a sama ba sai wata da taurari, suka ga samaniya ta yi ja. Abu ɗaya ne ya kawo duhun da jan hasken, kuma asalinsa na can ƙarƙashin ƙafafunmu, nisan kilomita dubbai.

Idan aka nutsa cikin ƙasa kimanin kilomita 2,900, dutse ya ƙare, sai narkakken ƙarfe mai gauraye da nikel, kaurinsa ya haura kilomita 2,200. A tsakiyarsa akwai dunƙulen ƙarfe daskararre, wanda nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa duk da zafinsa ya wuce digiri 5,000. Mutane da yawa suna ɗauka wani ƙaton maganaɗisu ne aka binne a can, amma hakan ba zai yiwu ba, domin ƙarfe yakan rasa maganaɗisunsa da zarar zafi ya kai digiri 770. Dole ne a ce ana ƙera wannan ƙarfi ne kullum, ba dare ba rana.

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin janareta ya ga rabin bayanin: waya tana juyawa kusa da maganaɗisu, lantarki ya fito. Ɗaya rabin shi ne lantarkin da ke gudana shi ma yana haifar da nasa maganaɗisun. A cikin ƙasa narkakken ƙarfen ne ke matsayin wayar. Na ƙasa ya fi zafi sai ya taso, na sama ya ɗan huce sai ya nutse, juyawar duniya kuma tana murɗa wannan kai da komo ya jeru daidai da layin da duniya ke juyawa a kansa. Ƙarfen da ke motsi cikin maganaɗisu yana haifar da lantarki, lantarkin ya ƙara maganaɗisun, haka abin ke ciyar da kansa. Masana irin su Walter Elsasser da Edward Bullard ne suka shimfiɗa wannan bayani a shekarun 1940. Motsin ba gudu ba ne, bai wuce 'yan gomomin kilomita a shekara ba, amma da zai tsaya cik, ƙarfin zai dushe cikin 'yan dubban gomomin shekaru. Duwatsu kuwa sun nuna ya haura shekara biliyan uku yana nan.

Abin da ke isowa doron ƙasa daga wannan aiki ba shi da wani ƙarfi na a zo a gani. Ɗan maganaɗisun da ake manna wa firji ya ninka shi kusan sau ɗari. Amfaninsa a faɗinsa yake. Layukansa suna fitowa daga ƙuryar kudu, su yi baka a sararin samaniya, su koma ƙasa ta ƙuryar arewa, kuma su ne allurar kamfas ke bi idan matafiyi na neman alƙibla.

Daga ɗaya ɓangaren, rana ba haske kaɗai take aiko mana ba. Kullum tana fesar da ƙwayoyi masu cajin lantarki, furoton da ilektoron, waɗanda ake kira iskar rana. Suna tafiya kimanin kilomita 400 a daƙiƙa, saboda haka sukan ci kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu da rana cikin kwana huɗu da 'yan kai. Ƙwayar da ke da caji tana da wata ɗabi'a: yana mata wuya ta ƙetare layin maganaɗisu, sai dai ta nannaɗe shi ta bi tsawonsa. Don haka idan iskar rana ta iso kimanin kilomita 65,000 daga duniya, sai ta tarar da shinge, ta rabu ta zagaye. Ta gefen rana takan matse maganaɗisun, ta gefen dare kuma ta ja shi ya zama doguwar wutsiya da ta wuce nisan wata.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin akan zuzuta wannan garkuwa fiye da kima. Ba ita kaɗai ke tsare mu ba. Iskar da muke shaƙa ita ma tana tare yawancin ƙwayoyin da suka kutso, shi ya sa mutanen da ke zaune kusa da ƙuryar arewa, inda garkuwar ta fi rauni, suke rayuwarsu lafiya. Maganaɗisun duniya ma ya sha juyewa, arewa ta koma kudu, na ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka wuce, kuma ba a ga alamar halittu sun ƙare saboda hakan ba. Waɗanda suka fi dogara da garkuwar a yau su ne taurarin ɗan adam, da 'yan sama jannati, da dogayen wayoyin lantarki.

Garkuwar tana da ƙofa, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cancanta a sani. Iskar rana tana tafe da nata maganaɗisun. A goshin garkuwarmu layukan duniya arewa suke fuskanta. Idan na rana ma arewa suka fuskanta, yawanci iskar takan wuce ba tare da wata babbar ɓarna ba, ko da tana da gudu. Idan kuwa kudu suka fuskanta, layukan biyu sukan tsinke su haɗe da juna, kamar yadda James Dungey ya bayyana a 1961. Iskar sai ta ja layukan da suka buɗe zuwa bayan duniya, ta jibge su a wutsiya. Wutsiyar takan cika ta miƙe har ta kai inda ba za ta iya ɗauka ba, sai layukan su sake haɗewa su ƙwace da ƙarfi zuwa duniya, su ingizo ilektoron su gangaro kan layukan zuwa ƙuryoyin biyu. Wannan ne dalilin da ya sa hasken ya fi armashi wajen tsakar dare, a gefen da ya juya wa rana baya.

Ilektoron ɗin ba sa isowa ƙasa. Tun daga sama da kilomita 100 suke karo da iskar da ke can, su ɗura wa ƙwayoyinta ƙarfi, ƙwayoyin kuma su amayar da shi a matsayin haske. Hasken nan shi ake kira orora. Launinsa yana faɗa wa mai kallo wace iska aka buga, kuma a wane tsayi. Kore, wanda aka fi gani, na oksijin ne daga kimanin kilomita 100 zuwa 200. Ja ma na oksijin ne, amma sama da kilomita 200, domin ƙwayar takan ɗauki kusan minti biyu kafin ta saki jan haske, kuma a ƙasa-ƙasa inda iska ke da kauri wata ƙwayar takan buge ta ta ƙwace ƙarfin kafin lokacin ya cika. Shuɗi da shunayya da ke bakin labulen ta ƙasa na naitirojin ne. Wannan ya bayyana abin da mutanen Kyuba suka gani: suna nesa ƙwarai, gindin hasken ya ɓuya a bayan doron ƙasa, sai jan samansa kawai ya leƙo musu.

A ranakun da ba hayaniya, hasken yana zaune ne a wani zobe da ya kewaye kowace ƙurya, wanda ya ratsa arewacin Norwe da Aisland da Alaska da Kanada. A Maris 1989 rana ta yi aman wata ƙatuwar curin iska mai caji a ranar 10 ga wata, ta iso cikin ƙasa da kwana uku, kuma maganaɗisunta ya karkata kudu. Zoben ya buɗe ya gangaro kudu, lantarki mai yawan gaske ya riƙa gudana a saman Kwibek yana canzawa cikin sauri. Maganaɗisun da ke canzawa yakan tayar da lantarki a duk abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙasar Kwibek tsohon dutse ce mai tauri da ba ya barin lantarki ya ratsa shi da sauƙi, ga kuma wayoyi masu tsawon kusan kilomita 1,000 da ke kawo wuta daga madatsun ruwan arewa zuwa birane irin su Montiriyal. Lantarkin sai ya bi hanya mai sauƙi: ya shiga ta wayoyin da ke haɗa tiransifoma da ƙasa, ya hau layin. Tiransifoma an gina ta ne don wuta mai kai da komo, wannan baƙuwar kuwa kusan gefe ɗaya take bi, sai ta cika cikinta ta gurɓata wutar da ke fita. Na'urori bakwai masu daidaita ƙarfin wuta suka kashe kansu don kariya, layukan arewa suka yanke, sauran kuma suka kasa ɗaukar nauyin. A jihar Niyu Jazi ta Amurka guguwar ta lalata wata babbar tiransifoma a tashar nukiliya ta Salem.

Tun daga nan aka ƙara sa ido. Akwai na'urori da aka ajiye kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, suna auna gudun iskar da inda maganaɗisunta ya fuskanta. Masana na iya ganin aman rana kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso, amma ba sa tabbatar da arewa ya fuskanta ko kudu sai ya wuce waɗannan na'urori, abin da ke bar wa masu kula da wuta minti 15 zuwa awa ɗaya su rage wa layuka nauyi. A ranakun 10 da 11 ga Mayu 2024 guguwa mafi ƙarfi tun 2003 ta sauka, aka ga hasken har Meziko, na'urorin GPS na taraktocin manoma a Amurka suka rikice a tsakiyar lokacin shuka, amma ba a sake ganin faɗuwa irin ta Kwibek ba.

Mu a nan wani matsayi muke na daban. Layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu bai bi tsakiyar duniya daidai ba, a Afirka ta Yamma ya hauro arewa ya ratsa arewacin Najeriya. A kan wannan layi layukan maganaɗisu a kwance suke, ba sa nutsewa cikin ƙasa kamar yadda suke yi a ƙuryoyi, saboda haka ƙwayoyin da ke bin su ba su da hanyar gangarowa kanmu. Wanda ke Kano ko Damagaram yana cikin wuraren da maganaɗisu ya fi tarewa a duniya, kuma saboda wannan dalili ɗin ne zai yi wuya ƙwarai ya ga orora daga ƙofar gidansa.