Fayil mai tarihi ko fayil mai takarda: wanne za a miƙa wa maƙeri?

A ce wani injiniya a Sakkwato ya zana mazaunin mota na injin casar shinkafa, irin wanda manoman fadamar Goronyo ke buƙata. Farantin ƙarfe ne mai kaurin milimita 3, an lanƙwasa shi sau biyu ya zama kamar ƙwarya: gindinsa milimita 200, kowane gefe 60, da dogayen ƙofofi huɗu na noti. Za a yanka shi a injin yanka mai kwamfuta, wataƙila a Kano, sannan mai walda a gida ya lanƙwasa ya haɗa. Zane ya ƙare, saura miƙawa. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya tura fayil ɗin da ya yi aikin a ciki, irin su `.SLDPRT` na SolidWorks, da dukan tarihin gininsa, ko kuma ya fitar da `STEP` da `DXF` da `PDF`, ya haɗa da takardar bayani shafi guda.

Hanya ta farko tana da hujja mai ƙarfi. A gefen hagu na allo akwai jerin matakan da aka bi, kamar bishiya mai rassa: `Base-Flange1` shi ne gindi, `Edge-Flange1` da `Edge-Flange2` su ne gefuna, `Cut-Extrude1` ƙofofin noti, can ƙasa `Flat-Pattern` yana nuna farantin a miƙe kafin lanƙwasa. Kowane mataki ya dogara da na samansa. Amfanin wannan yana bayyana ranar da maƙeri ya je kasuwa ya tarar farantin da ake kira mai milimita 3, da aka sa masa ma'auni, 2.5 ne. Mai fayil ɗin asali lamba ɗaya zai canza, komai ya gyara kansa.

Gyaran kuwa ba na ado ba ne. Ƙarfe yana miƙewa a wurin lanƙwasa, don haka tsawon da za a yanka bai kai jimillar gefunan ba. Jimillar a nan 320 ce. In lanƙwasar ciki tana da zagayen da rabin faɗinsa milimita 3 ne, kuma an ɗauki `K = 0.44`, kowace kusurwa tana rage milimita 5.21 a faranti mai kauri 3, sai a yanka 309.6. A mai kauri 2.5 ragin 4.56 ne kawai, sai a yanka 310.9. Wanda ya yanka siririn faranti da tsohon awo ya rasa milimita 1.3. In murfi ne, babu wanda zai kula. In mazauni ne da dole sandar mota ta daidaita da ta injin, bel zai riƙa cin gefe.

Sai dai wannan fa'ida tana hannun wanda zai iya buɗe fayil ɗin. Tsohuwar SolidWorks ba ta buɗe fayil ɗin da sabuwa ta adana a matsayin abin da za a gyara. Sai daga fitowar 2024 aka ba da damar adana aiki a tsarin shekara biyu baya. Injiniya mai ta 2024 da mai yanka da ke kan ta 2018 ba za su gaisa ta wannan hanya ba. Mai waldan da wayarsa ce kaɗai ofishinsa ma ba a maganarsa. Akwai kuma haɗarin da ya fi damuna: fayil da ake iya canzawa ana iya ɓata shi cikin rashin sani. Yaron shago ya danna wani mataki da aka kashe da gangan, ko ya taɓa zanen da ƙofofin suka dogara da shi, sai su gusa ba tare da wata alama ba, kuma babu mai iya cewa wace siffa aka amince da ita.

Hanya ta biyu ta rufe wannan ƙofa. `STEP`, wanda ke ƙarƙashin ƙa'idar ISO 10303, kusan kowace manhajar zane tana karanta shi, har da FreeCAD ta kyauta, kuma yana ɗauke da ma'aunin da aka yi aiki da shi. Abin da yake zubarwa shi ne tarihin. Yana isa a dunƙule guda, babu matakai, babu bayanin abin da ya dogara da wani. `DXF`, wanda injin yanka ke ci, ya fi haka rauni. Yana da gurbin `$INSUNITS`, inda 4 ke nufin milimita, 1 inci, 0 kuma babu ma'auni, amma tsohon tsarin R12 da masu yanka da yawa ke nema ba shi da wannan gurbi. Lambobi ne tsirara.

Kuskuren ma'auni babba ba ya wuce ido. In aka karanta 200 a matsayin inci, zai zama milimita 5080, ya fi tsawon faranti mai 2440 sau biyu. Ƙaramin shi ne mai ɓarna. Zanen ya fita da inci, gindin ya nuna 7.874, mai injin ya gane matsalar, sai ya ninka da 25 maimakon 25.4. Abin da zai fito 196.9 ne. An rasa milimita 3, ƙofofi sun matso, noti ya ƙi shiga, kuma ba za a gane ba sai kayan sun sha hanya sun iso Sakkwato.

Saboda haka hanya ta biyu ba ta tsayawa sai da takardar. Aikinta ta mayar da abin da fayilolin suka zubar. Ta fara da sunayen fayilolin da matsayinsu:

```
MZ-01_C.pdf
MZ-01_C.step   AP214, mm
MZ-01_C_flat.dxf   R12, mm, 1:1
```

Harafin `C` shi ne bugu na uku, kuma takardar za ta ce: "Maigida, a goge na A da na B. Abin da ya canza a C shi ne faɗin ƙofofin noti, daga 9 zuwa 11, domin notin M10 za a sa. In fayiloli suka saɓa, a bi PDF, a kira ni." Sannan awon gwaji: "Kafin a kunna wuta, a auna tsawon farantin a allo. In bai nuna 309.6 ba, kada a yanka." Wannan layi ɗaya ya isa ya kama ninkin 25.

Bishiyar matakan kuwa ba sai an kwafe ta duka ba. Abin da maƙeri ke buƙata daga cikinta dangantaka ce: an lissafa miƙaƙƙen farantin a kan kauri 3 da `K = 0.44`, don haka in kauri ya canza a nemi sabon `DXF`, ƙofofin daga tsakiyar gindi aka auna su, ba daga baki ba, tsayin gefe zai iya motsi da rabin milimita, tazarar ƙofofi ba za ta iya ba.

A ganina, ga aikin da za a yanka a wani gari a haɗa a wani, hanya ta biyu ce ta dace, ko da yake tana ɗaure maƙeri ga injiniya duk lokacin da kauri ya canza. Na yarda da wannan ɗauri, domin mai lissafin shi ya kamata ya sake shi. Fayil ɗin asali yana da muhallinsa idan mai karɓa zai ci gaba da zanen, kamar sashen gyaran injuna na masana'antar simintin Kalambaina ko ɗalibi a kwalejin Umaru Ali Shinkafi da zai gaji aikin wani. A nan sai a tura shi, a rubuta shekarar manhajar, a sa wa matakan sunaye masu ma'ana kamar `Kofofin_noti` a madadin `Cut-Extrude1`, a kuma faɗi waɗanda aka kashe da dalilin kashe su.