"Ga shi nan na turo" ba ta wadatar ba

Malamin jami'a mai duba aikin 'yan ajin ƙarshe yakan buɗe imel ya tarar da saƙo layi guda: "Malam, ga shi nan na turo." A ƙasa kuwa fayil biyu ne, ɗaya Document1.docx, ɗayan IMG-20250312-WA0005.jpg, irin sunan da WhatsApp ke laƙaba wa hoto. Wane babi ne? Sabon gyara ne ko na makon jiya? Sai malam ya ce bari sai ya samu sarari, sararin kuma ya yi ta nisa.

Wata ɗaliba kuwa ga abin da ta rubuta: "Barka da aiki, Malam. Na haɗo fayil biyu. Na farko babi3-2025-03-12.docx, wato babi na uku bayan gyaran da ka ce a yi. Don Allah a duba mini sashe na 3.4, inda na sake bayanin yadda na zaɓi waɗanda na yi wa tambayoyi. Na biyu takardar-tambayoyi.pdf, tambaya ta 7 ce nake shakka a kanta, ko a bar ta ko a cire."

Da ma malam ba hutu gare shi ba, amma wannan aiki ne na ɗan lokaci, ko a waya zai iya gama shi.

Ba a banza ta ambaci sashe maimakon shafi ba. Shafukan Word kan sauya daga na'ura zuwa na'ura idan salon harafi ko girman takarda ya bambanta. PDF ba ya motsi, amma shi ma yana da nasa tarko. Kundin bincike yakan fara da shafukan sadaukarwa da godiya masu lambobin Romawa, don haka shafin da aka buga wa 14 yana iya zama na 24 a ƙirgen manhaja. Wanda ya ce "duba shafi na 14" bai faɗi wanne yake nufi ba, sai a yi ta laluben abin da ba ya wurin.

Kwanan watan ma da dalilinsa: idan aka fara da shekara, sannan wata, sannan rana, fayiloli kan jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo.

Faɗin adadin fayil kuma shi ke tona asirin wanda ya ɓace. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura megabayit 25. Sai ya ɗora shi a Google Drive ya aika da mahaɗa, wadda ba ta buɗuwa idan ba a bai wa mai karɓa izini ba. Malamin da aka ce wa fayil biyu ne, ya ga ɗaya, nan take zai nemi cikon.