Dokar Magana a Taron Ƙungiya

Wani mai sauraronmu, sakataren ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar hatsi mai mutum wajen 300, ya aiko cewa surutu na cinye musu taro, har wasu sun daina zuwa. Ina mafita?

To malam, "a faɗi abu mai amfani" ba doka ba ce, don kowa tasa yake gani da amfani. Ku rubuta abin da ya tara ku: farashin hatsi, taki, rance, kuɗin ƙungiya. Ku kuma ambaci wanda ba muhallinsa ba: siyasar jam'iyya, gardamar addini, tallar haja, rikicin gida. Sanarwar biki ko rasuwa a miƙa wa sakatare, ya karanta a ƙarshe.

Hukunci kuwa hawa-hawa ne. A ce ana maganar taki, wani ya miƙe yana tallar ɗan takara. Karon farko, shugaba ya ja masa kunne a keɓe. Na biyu, tara, a rubuta a littafi. Na uku, dakatarwa ta wata 3. Na huɗu, kwamiti ya ji ta bakinsa, sannan a sallame shi da kuɗin da ya zuba.

Amma fa ranar da aka ɗaga wa mai kuɗi ƙafa, doka ta mutu. Allah ya ba da sa'a.